Rahoton aiki mai launin ruwan goro: tambayoyi da amsoshi a kan yadda ake faɗa wa magabata gaskiya

Aikina bin diddigin ayyukan ruwan sha ne a nan Maraɗi, kuma duk ƙarshen wata sai takarda ta tashi daga hannunmu zuwa ga magabata a Yamai. Abokan aiki, musamman waɗanda aka ba ragamar aiki karon farko, sun sha tare ni da tambayoyi iri ɗaya a kan wannan takarda, galibi a watan da aiki ya soma jan ƙafa. Na tattara tambayoyin a nan. Misali ɗaya zan riƙe daga farko har ƙarshe, na shirya alƙalumansa yadda lissafi zai fito sarai: aikin ruwa a ƙauyuka 6 ta wajen Dakoro, kowane ƙauye da rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj, da shato, wato tankin ruwa na sama, da famfo mai aiki da hasken rana, da tiyo zuwa wuraren ɗibar ruwa. Kuɗin aikin miliyan 200 na sefa, an soma a Janairu, an yi alkawarin miƙawa ranar 30 ga Yuni. Rahoton da za mu rubuta na ƙarshen Afrilu ne.

Me ake nufi da a ce aiki yana ruwan goro?

Launuka uku ne, an aro su daga danjar titi. Kore yana nufin ranar da aka yi alkawari tana nan, kuɗi kuma zai isa. Ja yana nufin alkawarin ya karye, mai riƙe da aikin ba zai iya gyara shi da abin da ke hannunsa ba. Na tsakiya, wanda wasu ke ce wa rawaya, mu kuma ruwan goro, yana nufin rana ko kuɗi na cikin haɗari, amma akwai hanyar gyara da aka lissafa, kuma ba ta fi ƙarfin ma'aikatar ba.

Babu wata doka ɗaya da ta yanke wa kowa iyakar launukan. Kowace ma'aikata ita ke yanke nata, kuma ya kamata a rubuta su tun kafin a kafa tubalin farko. A misalinmu an rubuta cewa jinkirin da bai wuce kwana 30 ba, da ƙarin kuɗin da bai wuce abin da aka ajiye na ko-ta-kwana ba, wato miliyan 10, shi ne ruwan goro. Abin da ya haura haka ja ne. In ba a rubuta wannan ba, launi ya koma ra'ayi: mai tsoro ya sa kore, mai son a tausaya masa ya sa ja, magabata kuma su rasa wanda za su yarda da shi.

In har ina da hanyar gyara, me zai hana in bar shi kore, in gyara shiru?

Na taɓa yin haka, shi ya sa nake amsa wannan da zafi. A wani aiki da na riƙe shekarun baya, ɗan kwangila ya makara da kawo ƙarfen shato. Ya ce mini mako mai zuwa, na yarda, na rubuta kore. Wata ya zagayo, ya sake cewa mako mai zuwa, na sake rubuta kore, don a lokacin in na canza launi sai an tambaye ni dalilin da ya sa ban faɗa ba tun watan jiya. A wata na uku abin ya fashe. Darakta ya kira ni da yamma, ina cikin mota kan hanyar dawowa daga Gidan Rumji. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, tun yaushe ka san da wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan." Ya yi shiru har na duba wayar ko layi ne ya yanke. Sannan ya ce da ya sani a lokacin, akwai wani mai ƙira da zai iya yin aikin, amma yanzu an riga an ba shi wani aiki.

Abin da ɓoyewa ke ci ke nan. Manya suna da wasu ƙofofi da kai ba ka da su: su ne ke iya sakin kuɗin ko-ta-kwana, su ne ke iya magana da masu ba da tallafi a nemi ƙarin wa'adi, su ne ke iya ɗauko ma'aikata daga wani aiki. Waɗannan ƙofofi kuwa suna rufewa da lokaci. Neman ƙarin wa'adi wata biyu kafin ƙarshen yarjejeniya magana ce ta takarda guda. Nemansa saura mako guda roƙo ne.

Me zan fara rubutawa a saman takardar?

Launi, da rana, da abin da kake nema. Darakta yana da rahotanni da yawa a gabansa, wataƙila a waya zai karanta naka tsakanin taro da taro. Layi biyar na farko su ishe shi ya yanke hukunci ko da bai gangara ƙasa ba. Ga yadda zan buɗe na misalinmu, ko da Hausa ko da Faransanci za a rubuta, tsarin ɗaya ne:

"Launi: ruwan goro, watan jiya kore. Ranar miƙawa da aka yi alkawari: 30 ga Yuni. In ba a yi komai ba: 21 ga Yuli. In an amince da matakan da ke ƙasa: 7 ga Yuli. Dalili: famfuna da farantan hasken rana za su iso ranar 20 ga Mayu maimakon 15 ga Afrilu, sannan rijiya ɗaya cikin 6 ba ta ba da isasshen ruwa ba. Abin da muke nema: izinin kashe miliyan 9 daga kuɗin ko-ta-kwana, kafin 8 ga Mayu."

Ka lura ranaku uku ne, kuma ta asali tana nan ba a goge ta ba. Ka kuma lura ban fara da jerin abin da muka gama ba. Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa kafin mu kai ga maganar da ta kawo mu, kuma a zaure hakan ne daidai. A takarda kuwa, in ka cika shafin farko da rijiyoyin da aka haƙa da tarukan da aka yi da masu gari, ka tura jinkirin shafi na uku, duk wanda ya gano shi a can zai ɗauka ɓoyewa ka yi.

Kaya sun makara kwana 35, amma ka ce jinkirin kwana 21 ne. Ina sauran?

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka bari in zauna a kai.

Ba kowane jinkiri ne ke taɓa ranar miƙawa ba. A cikin kowane aiki akwai jerin ayyukan da ke bin juna, wanda na gaba ba zai soma ba sai na baya ya ƙare, kuma jerin da ya fi tsawo shi ke yanke ranar gamawa. A namu jerin shi ne: kaya su iso, a ɗaura su, a gwada, a miƙa. Ɗaura famfo da farantai yana cin kwana 7 a kowane ƙauye, ƙauye 6 kwana 42 ke nan da ayarin ma'aikata ɗaya. Bayan haka akwai kwana 20 na gwaji, da wanke shato da tiyo da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da horar da kwamitin ruwa na kowane gari, da karɓar aiki. Da kaya sun iso 15 ga Afrilu, da an gama ɗaurawa 27 ga Mayu, an gama komai 16 ga Yuni. Tsakanin 16 da 30 ga Yuni akwai rarar kwana 14 da aka bari da gangan.

Yanzu kaya za su iso 20 ga Mayu. Ka ɗora 42, ka kai 1 ga Yuli. Ka ɗora 20, ka kai 21 ga Yuli. Rarar kwana 14 ta shanye wani ɓangare na makarar, saura 21 suka fito fili. Wannan lissafi ya shiga rahoto, a gajarce, don wanda ya karanta ya iya binsa da yatsa. Kuma ka faɗa ƙarara cewa rarar ta ƙare. Daga yau duk kwana ɗaya da aka rasa a wannan jeri, kwana ɗaya ne a ranar miƙawa.

A gefe guda, katangar da ake zagaye farantai da ita ta makara mako biyu a ƙauye biyu. Wannan ba ya cikin jerin, ba ya motsa rana, don haka layi ɗaya ya ishe shi a ƙasa. Rahoton da ya jera matsala goma sha biyu da murya ɗaya ya ɓatar da biyun da ke da haɗari.

Ɗan kwangila ya ce an yi kashi 70 cikin 100. In rubuta haka?

Kada ka rubuta kason da ba ka auna ba. Kashi 70 na baki yakan zama kashi 90 a wata mai zuwa, sannan ya tsaya a 90 har wata uku. Abin da ake ƙirgawa shi ake rubutawa: rijiya 5 cikin 6 sun ci gwaji, shato 4 sun tsaya, 2 ana jiran kankaren gindinsu ya yi ƙarfi, tiyo mita kaza cikin mita kaza an binne. Kankare kuwa ba ya jin lallashi, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, don haka kada wani ya yi maka alkawarin cika shato da ruwa kwana biyar bayan zuba shi.

In magabatanka suna son lamba ɗaya, akwai hanyar da aka saba. Ka ɗauki darajar aikin da ya kamata a ce an gama zuwa yau, da darajar wanda aka gama da gaske bisa farashin kasafi, da kuɗin da aka kashe a kansa. Ana kiransu PV, da EV, da AC bi da bi, a misalinmu kuma miliyan 120 ne, da 96, da 100.

```
SPI = EV / PV = 96 / 120 = 0.80
CPI = EV / AC = 96 / 100 = 0.96
```

Ta farko tana cewa cikin kowane aiki biyar da aka tsara zuwa yau, huɗu aka yi. Ta biyu tana cewa duk jika ɗari da aka kashe ta sayo aikin jika 96. Amma ka yi hattara da ta farko. Ba ta san jerin da ke yanke rana ba. Ɗan kwangila zai iya ɗaga ta ta hanyar gama ayyuka masu sauƙi, fenti da katanga, alhali famfo bai iso ba. Kuma a ƙarshen kowane aiki, ko ya makara shekara guda, lambar tana komawa 1, tunda duk abin da aka tsara an gama shi. Saboda haka ni nakan sa ta a ƙasa, ranaku a sama.

Yaya zan faɗi dalilin jinkiri ba tare da na zama mai kai ƙara ba?

Ka rubuta abin da ya faru da ranarsa, ka bar siffanta mutane. "Mai kawo kaya ba shi da alkawari" ba ta taimaki kowa ba. "An yi odar kaya 20 ga Janairu, sun sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, suna kan hanya, mai kawowa ya ba da 20 ga Mayu a rubuce" magana ce da za a iya bincika. Kowa a nan ya san cewa tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano da yawansu sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, motoci suna jiran rakiya. Wannan gaskiya ce, amma ba sabuwa ba ce, kuma a nan ne rabonka na laifin yake. In ka tsara jadawali da kwanakin tsohuwar hanya, kuskuren tsari ne, naka ne, ka rubuta: "Mun ware kwanakin sufuri ƙasa da abin da hanyar ke ci yanzu." Layi ɗaya, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Na lura magabata sun fi saurin sakin kuɗi ga wanda ya nuna nasa rabon.

Rijiyar da ta gaza ita ma haka. An tsara ta ba da lita 5000 na ruwa a awa ɗaya, gwajin famfo ya nuna lita 2000. Ba laifin kowa ba ne, haƙa rijiya yana da wannan kasada. Abin da ake so a gani shi ne ranar gwajin, da lambar, da abin da za a yi.

Wane irin matakin gyara ne magabata ke yarda da shi?

Wanda ke da mai shi, da rana, da kuɗi, da adadin kwanakin da zai dawo da su. "Za mu ƙara ƙoƙari" da "za mu matsa wa ɗan kwangila" ba matakai ba ne, fata ne.

Mataki na farko a misalinmu shi ne ɗauko ayari na biyu na masu ɗaura famfo, a kan miliyan 4. A takarda, ayari biyu za su raba kwana 42 gida biyu, ya zama 21, jinkirin duka ya gushe. Kada ka rubuta haka. Injiniyan da ke duba haɗin wuta kafin a kunna mutum ɗaya ne, motar da ke ɗaukar kaya zuwa ƙauyuka ɗaya ce, sabon ayari kuma sai ya ɗauki kwanaki kafin hannunsa ya faɗa. Lissafin da zan iya tsayawa a kansa kwana 28 ne. An dawo da 14, an rasa 7, shi ya sa rana ta zama 7 ga Yuli. Gara in ce 7 ga Yuli in cika, da in ce 30 ga Yuni in dawo watan gobe da sabon labari.

Mataki na biyu sake haƙa rijiyar ƙauye na shida, a kan miliyan 5: a sake binciken ƙasa a zaɓi wuri, injin haƙa ya dawo 12 ga Mayu, a gama haƙa da gwaji 26 ga Mayu. An mayar da wannan ƙauye ƙarshen layi wajen ɗaura famfo don kada ya tsare sauran.

Mataki na uku ba ya cin ko dala, kuma shi ne wanda mutumin ofis a Yamai ba zai tuna da shi ba sai ka faɗa masa. Ramin tiyo mutanen gari ne ke haƙa shi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ba za ka ga kowa a bakin rami ba, duk an tafi gona, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Don haka an jawo sauran haƙan rami zuwa makonni biyu na farkon Mayu, a yi da sassafe da yamma saboda zafin bazara, tun kafin kaya su iso.

Jimilla miliyan 9 cikin 10. Ka rubuta cewa miliyan 1 kacal zai rage na ko-ta-kwana. Wannan shi ne farashin gyaran, kuma haƙƙinsu ne su san shi kafin su sa hannu. Ka kuma ba su zaɓi na biyu: a bar ayari ɗaya, a adana miliyan 4, a miƙa 21 ga Yuli, a tsakiyar damina, saura kwana 10 yarjejeniyar tallafi ta rufe ranar 31 ga Yuli. Ka faɗi wanda kai ka zaɓa da dalilinka. Hukuncin nasu ne.

Me ya sa aka sa wa buƙatar ranar ƙarshe? Ba rashin kunya ba ne a ba shugaba wa'adi?

Ba wa'adi kake ba shi ba, kana gaya masa ranar da zaɓin zai ruɓe ne. Ayari na biyu yana buƙatar kwana 12 kafin ya tattaro mutanensa ya iso. In ana son su ranar 20 ga Mayu, izini ya fito 8 ga Mayu. Ka rubuta dalilin kusa da ranar, babu wanda zai ji haushi.

Yaushe ruwan goro zai koma ja?

Ka rubuta sharaɗin tun yanzu, tun hankalinka yana kwance, don ranar da abin ya faru za ka samu dalilai goma na ƙara jira. A lissafi, da ayari biyu muna buƙatar kwana 48 daga isowar kaya, iyakar ruwan goro kuma 30 ga Yuli ce, don haka kaya za su iya kaiwa 12 ga Yuni. Ni ba zan sa wannan rana ba. Kwana 48 ɗin lissafin rani ne. In damina ta kankama, hanyar ƙauye da motar kaya ke bi cikin awa biyu tana iya cinye yini, wata rana ma a kwana ana jiran fadama ta janye. Don haka na rubuta: in kaya ba su sauka Maraɗi ba zuwa 1 ga Yuni, ko sabuwar rijiyar da za a haƙa ita ma ta gaza, launi ya koma ja a ranar, ba sai ƙarshen wata ba.

Akwai kuma wata alama da ba ta cikin lissafi. Aikin da ya yi wata uku a ruwan goro, ranar gamawarsa tana matsawa gaba kaɗan kaɗan kowane rahoto, ja ne da aka yi wa kwalliya. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: ka jera ranakun da aka yi hasashe a rahotanni uku na baya. In kowanne ya fi na gabansa nisa, matakan gyaran ba sa aiki.

In shugabana na kusa ya ce in mayar da shi kore kafin ya tafi Yamai fa?

Yana faruwa, kuma yawanci ba mugunta ba ce, shi ma tsoron tambayoyi yake ji. Kada ka yi gardama a kan launi. Ka ɗauki lissafin ranakun ka zauna da shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini inda kwana 21 ɗin nan za su fito, sai in canza." Wani lokaci yana da labarin da ba ka da shi, misali ya san an saki motocin, sai lissafi ya canza da gaskiya. In ba shi da shi, ya nace, to launin yana iya zama hukuncinsa tunda shi ke sa hannu, amma ranaku uku da dalilin su zauna a takardar yadda suke, kai kuma ka ajiye kwafin abin da ka miƙa masa.

Abu ɗaya da ke rage wannan rikici: kada shugaba ya fara jin labarin jinkiri a cikin takarda, ko a gaban mutane a taro. Ka kira shi ko ka shiga ofishinsa kwana ɗaya ko biyu kafin rahoto ya fita.

Rahoton wata mai zuwa fa, me zai ƙunsa?

Ya fara da alkawuran wannan watan, ɗaya bayan ɗaya. An ce izini 8 ga Mayu, ya fito ko bai fito ba. An ce injin haƙa 12 ga Mayu, yaushe ya zo, lita nawa sabuwar rijiya ta bayar. An ce kaya 20 ga Mayu, wa ya ƙirga su a sito, famfo nawa, farantai nawa, akwai wanda ya fashe a hanya. Kuma tunda aikin yana ruwan goro, wata guda ya yi nisa: duk Alhamis a aika saƙo na layi uku, inda motar kaya take, abin da aka gama a makon, da ko 7 ga Yuli tana nan.

Launi ba zai koma kore don kaya sun iso ba. In magabata sun amince a rubuce cewa 7 ga Yuli ce sabuwar ranar miƙawa, to daga nan ana auna aikin da ita, kuma zai iya komawa kore bayan ayari biyun sun gama ƙauyuka biyu na farko cikin kwanakin da aka lissafa musu. Ko a lokacin, layin da ke cewa "ranar asali: 30 ga Yuni" yana nan a saman takardar har ranar da aka karɓi aikin.